Da'ira Uku da 'Yan Kibiyoyi: Yadda Ake Fito da Tsayayyen Rabo Daga Zanen Sarƙar Markov

Ɗalibin lissafi a yau ba ya yawan kwafe zanen da malami ya yi a allo. Waya yake ɗagawa ya ɗauki hoto, sai ya koma ɗaki ya buɗe ya zauna da takarda da biro. A cikin hotunan da ake ɗauka haka akwai wani zane da ke yawan ɗaure wa mutane kai: da'irori biyu ko uku, kibiyoyi na fita daga wannan suna shiga waccan, kowace kibiya da 'yar lamba a gefenta, kamar 0.2 ko 0.8. A ƙasa kuma an rubuta tambaya: idan tafiya ta yi nisa, kashi nawa na lokaci za a shafe a kowace da'ira?

Wannan zane shi ake kira sarƙar Markov, amsar da ake nema kuwa ita ce tsayayyen rabo. Lissafinsa bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tun wajen karanta zanen, kafin ma a fara lissafin. Saboda haka za mu ɗauki zane guda mu bi shi daki-daki, daga hoton har zuwa amsa.

Abin da zanen yake faɗa

A ce ga abin da ke cikin hoton. Darasi ne a kan injin niƙa, kuma lambobinsa na misali ne da aka tsara domin koyarwa. Kowace safiya injin yana tashi a ɗaya daga cikin halaye uku. Ko dai yana lafiya, wanda aka sa wa alamar L, ko yana tangarɗa, wato yana aiki amma bel ya saki ko ƙararsa ta sauya, wanda aka sa wa T, ko kuma ya tsaya cak yana hannun bakanike ana gyara, wanda aka sa wa G. Kowane hali yana da da'irarsa.

Daga L akwai kibiya zuwa T ɗauke da 0.2, akwai kuma wata da ta lanƙwaso ta dawo cikin L ɗauke da 0.8. Daga T akwai kibiya zuwa L mai 0.3 da wata zuwa G mai 0.2. An zana wadda ta lanƙwaso ta koma cikin T, amma hasken taga ya haske wurin a hoton, lambar ba ta fito ba. Daga G akwai kibiya zuwa L mai 0.4 da mai lanƙwasa ta koma G mai 0.6.

Kowace lamba yiwuwa ce. Idan aka ce 0.2 a kan kibiyar L zuwa T, ana nufin cikin kowace safiya goma da injin ya tashi lafiya, kimanin biyu ne washegari za a same shi da tangarɗa. Kibiyar da ta koma gida kuwa tana nufin an kwana an tashi babu abin da ya sauya.

Sharaɗin da ya mai da wannan zane sarƙar Markov shi ne cewa halin gobe ya dogara ne da halin yau kaɗai. Ko injin ya yi wata guda yana lafiya, ko jiya aka karɓo shi daga gyara, muddin yau yana L, yiwuwar ya shiga T gobe 0.2 ce. Zanen ba ya riƙe tarihin abin da ya wuce.

Daga hoto zuwa jadawali

Aikin farko shi ne a kwashe lambobin a zuba su a jadawalin sauyi. Kowane layin kwance yana wakiltar inda ake yau, kowane layin tsaye kuma inda za a kasance gobe. Ana ɗaukar da'ira ɗaya, a bi duk kibiyoyin da suka fita daga cikinta, a cike layinta, sannan a wuce ta gaba. Inda babu kibiya sai a rubuta sifili. Babu kibiya daga L zuwa G kai tsaye, babu kuma daga G zuwa T, don haka waɗannan gurabe biyu sifili ne.

Doka ɗaya ce take tsare mutum a nan: lambobin kibiyoyin da suka fita daga da'ira ɗaya dole su haɗu su ba da 1. Dalilin a fili yake, domin injin da ke T yau dole gobe ya kasance a wani wuri, ko L ko T ko G, babu na huɗu. Da wannan doka za mu dawo da lambar da haske ya cinye. An ga 0.3 da 0.2, jimlarsu 0.5, saura 0.5. Ita ce ta kibiyar da ta koma T. Ga jadawalin, wanda aka saba kira P:

```
        L     T     G
L      0.8   0.2   0
T      0.3   0.5   0.2
G      0.4   0     0.6
```

Kafin a ci gaba, a tara kowane layin kwance. Na farko 1, na biyu 1, na uku 1. Wannan ɗan bincike yana kama kuskuren da ya fi yawa a hoto. Tsakanin L da T akwai kibiyoyi biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, kuma lambobinsu suna kusa da juna. Idan hoton ya karkace, abu ne mai sauƙi a ba kowace kibiya lambar 'yar'uwarta. Wanda ya yi haka zai ga layin L ya ba da 1.1, layin T kuma 0.9, nan take ya san akwai gyara.

Sai dai akwai malamai da littattafan da ba sa zana kibiyoyin da ke komawa gida, suna barin ɗalibi ya ciro su ta hanyar ragi. A irin wannan zane, ko an musanya lambobi biyu, layukan za su ci gaba da ba da 1, domin kai ne ka cike giɓin da hannunka. Babu abin da zai yi maka ƙararrawa. Abin yi shi ne a buɗa hoton sosai a tabbatar da inda kan kowace kibiya ya nufa. Haka nan idan lambobi biyu ne suka ɓace daga da'ira ɗaya, ragi ba zai dawo da su ba, sai an koma ga allon ko ga wanda ya ɗauki hoto mai kyau.

Me ake nufi da tsayayyen rabo

Mu fara da ranar da injin yake lafiya, mu tura lissafin gaba kwana-kwana. Bayan kwana ɗaya, yiwuwar L ita ce 0.8, ta T 0.2, ta G sifili. Domin samun kwana na biyu, sai a tambaya ta ina ake isa L. Ana isa daga L da 0.8 sau 0.8, wato 0.64, ana kuma isa daga T da 0.2 sau 0.3, wato 0.06. Jimla 0.70. Haka za a yi wa sauran, a samu T 0.26, G 0.04. Kwana na uku ya ba da 0.654 da 0.270 da 0.076. Na biyar kuwa kimanin 0.627 da 0.260 da 0.113.

Lambobin suna motsi, amma motsin yana raguwa kullum. Idan aka sake lissafin daga wani mafari dabam, a ce ranar farko injin yana hannun bakanike, kwana na farko zai ba da 0.4 da sifili da 0.6, wanda bai yi kama da na ɗazu ba ko kaɗan. Amma kafin kwana na goma, tazarar da ke tsakanin tafiyoyin biyu ba ta kai 0.01 ba. Duka biyun suna nufar wuri ɗaya. Wannan wuri shi ne tsayayyen rabo: rabon da idan aka tura shi gaba kwana ɗaya, shi ɗin ne zai sake fitowa.

Kada kalmar tsayawa ta ruɗi mai karatu. Injin bai daina sauya hali ba, yau lafiya, gobe tangarɗa, jibi gyara. Rabon ne ya tsaya. Kamar kasuwa ce da tsakar rana: mutane na shiga, mutane na fita, amma cikar kasuwar tana nan yadda take, domin masu shiga sun yi daidai da masu fita. Wannan daidaito na shiga da fita shi ne mabuɗin lissafin baki ɗaya.

Yadda ake warware shi

A littattafai ana rubuta tsayayyen rabo da harafin Girka π, a kuma rubuta sharuɗɗansa biyu kamar haka:

```
πP = π
πL + πT + πG = 1
```

Na farko yana cewa rabon gobe daidai yake da na yau. Na biyu yana cewa kason ukun sun haɗu sun ba da ɗaya. Idan aka warware na farko, kowace da'ira za ta ba da layin lissafi guda, kuma wannan karon layukan tsaye ake karantawa, domin tambayar ita ce su wa ke shigowa:

```
πL = 0.8πL + 0.3πT + 0.4πG
πT = 0.2πL + 0.5πT
πG = 0.2πT + 0.6πG
```

A fara da mafi gajarta. Layi na biyu yana cewa 0.5πT daidai yake da 0.2πL, wato abin da ke fita daga T daidai yake da abin da ke shiga. Daga nan πT ya zama 0.4πL. Layi na uku yana cewa 0.4πG daidai yake da 0.2πT, wato πG rabin πT ne, ke nan 0.2πL. Yanzu komai ya koma ma'aunin πL. A zuba su a sharaɗi na biyu: πL da 0.4πL da 0.2πL sun haɗu sun ba da 1.6πL, kuma wannan daidai yake da 1. A raba 1 da 1.6, a samu 0.625. Saboda haka πL ya zama 0.625, πT 0.25, πG 0.125. A kasafi, biyar bisa takwas, biyu bisa takwas, ɗaya bisa takwas.

Mai lura zai ga ba mu taɓa layin farko ba. Ba mantuwa ba ce. A cikin layukan nan uku, ɗaya maimaici ne kullum, domin idan shiga da fita sun daidaita a da'irori biyu, dole su daidaita a ta uku. Ɗalibin da ya dage sai ya warware ukun kaɗai, ba tare da sharaɗin jimla ba, zai yi ta zagaye har ya tsinci kansa da sifili daidai da sifili. Sharaɗin jimla ne yake tsayar da amsa guda. Layin da aka ajiye kuma yana da amfaninsa, da shi ake gwada amsar: 0.8 sau 0.625 ya ba da 0.5, sai 0.3 sau 0.25 ya ba da 0.075, sai 0.4 sau 0.125 ya ba da 0.05. Jimla 0.625. Ta fito daidai.

Ga wata hanyar ganin abin da ido. A ɗauka injuna 40 ne irin wannan a gari guda, 25 suna lafiya, 10 suna tangarɗa, 5 suna gyara. Washegari, cikin 25 ɗin nan 20 za su zauna lafiya, 5 su shiga tangarɗa. Cikin 10, uku za su warware, biyar su ci gaba da tangarɗa, biyu su tafi gyara. Cikin 5 na hannun bakanike, biyu za su dawo aiki, uku su sake kwana. A ƙirga: masu lafiya 20 da 3 da 2, wato 25. Masu tangarɗa 5 da 5, wato 10. Na gyara 2 da 3, wato 5. Injuna goma sha biyu sun sauya wuri, amma rabon bai gusa ba.

Akwai wani kuskure mai alama bayyananniya. Wasu littattafai suna rubuta jadawalin a juye, layukan tsaye ne ke ba da 1, kuma suna sa π a bayan P. Duka tsarin biyu daidai ne, haɗa su ne ke kawo ɓarna. Wanda ya rubuta jadawali irin namu sannan ya karanta layukan kwance wajen kafa lissafinsa, amsar da zai samu kullum ita ce kashi ɗaya bisa uku ga kowace da'ira, ko da wane irin lambobi ne a zanen. Idan ka ga amsarka ta rabu daidai wa daida haka, tara layukan tsaye. Raba-daidai yana zama gaskiya ne kawai idan su ma kowannensu ya ba da 1. Namu sun ba da 1.5 da 0.7 da 0.8, don haka ba zai yiwu ba.

Haruffa dubu ashirin na Markov

Mutumin da ake jingina wa wannan sarƙa shi ne Andrey Markov, masanin lissafi ɗan Rasha, wanda aka haifa a 1856 ya rasu a 1922. Ɗalibin Chebyshev ne, ya kuma koyar a Jami'ar St. Petersburg. Ya fara wallafa aikinsa a kan waɗannan sarƙoƙi a 1906, a lokacin da yake jayayya da wani masani, Pavel Nekrasov, wanda ya ɗauka cewa matsakaicin abubuwa yana daidaita a dogon zango ne kawai idan abubuwan ba su dogara da juna ba. Markov ya nuna cewa ko da kowane mataki ya rataya a kan wanda ya gabace shi, rabon yana iya zaunawa wuri guda.

A 1913 ya gwada abin a kan rubutu na gaske. Ya ɗauki haruffa 20,000 na farko daga Eugene Onegin na Pushkin, ya cire tazara da alamomin rubutu, ya rarrabe su da hannu zuwa wasali da baƙi. Ya samu wasula 8,638 da baƙaƙe 11,362. Ya kuma gano cewa yiwuwar wasali ya biyo bayan wasali kimanin 0.128 ce, yiwuwar wasali ya biyo bayan baƙi kuwa kimanin 0.663.

Zanen wannan da'ira biyu ne kawai, kuma dokar shiga da fita tana warware shi a layi guda. Fita daga wasali zuwa baƙi 0.872 ce, wato 1 a cire 0.128. Shiga daga baƙi zuwa wasali 0.663 ce. Kason wasali shi ne 0.663 a raba da jimlar 0.663 da 0.872, wanda ya ba da kimanin 0.432. Idan aka raba 8,638 da 20,000, kimanin 0.432 ɗin ake samu. Dacewar ba abin mamaki ba ce, tunda daga rubutu ɗaya aka ciro duka lambobin. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin 0.128 da 0.663. Da haruffa ba su damu da na gabansu ba, da duka biyun sun kasance kusa da 0.432. Sun dogara da juna sosai, amma duk da haka rabon ya zauna, kamar yadda Markov ya ce.

Inda lissafin yake da iyaka

Ba kowane zane ne yake kai wa ga amsa irin tamu ba, kuma ana iya gane haka tun daga kallon kibiyoyi. Tambaya ta farko: daga kowace da'ira, ana iya bin kibiyoyi a isa kowace da'ira? A namu ana iyawa. Amma a ce an goge kibiyar G zuwa L, aka mai da mai komawa G ta zama 1, wato injin da ya tsaya ya tsaya ke nan. To komai daɗewa can za a ƙare, rabon zai zama sifili, sifili, ɗaya. Idan kuma irin wannan da'ira mai riƙewa ta kai biyu, babu amsa guda, sai an san daga inda aka tashi.

Tambaya ta biyu: tafiyar tana da zagaye na tilas? A ɗauki da'ira biyu, kowace tana tura ka ga ɗayar da yiwuwa 1. Lissafi zai ba da rabi da rabi, kuma gaskiya ne cewa rabin lokaci ake yi a kowace. Amma yiwuwar ta kowace rana ba ta taɓa zaunawa, tana ta tsalle tsakanin sifili da ɗaya. Idan ana iya isa ko'ina daga ko'ina, kibiya ɗaya tak mai komawa gida ta isa ta karya irin wannan zagaye. Zanenmu yana da uku.

Iyaka ta uku ba a zanen take ba, a duniya take. Injin gaske yana tsufa, kuma wanda ya yi mako yana tangarɗa ya fi wanda ya fara jiya kusa da tsayawa. Lambobin lokacin kaka, sa'ad da hatsi ya yi yawa injin ba ya hutawa, ba za su zama na sauran watanni ba. Hanyar gwadawa ita ce a raba ranakun T gida biyu, waɗanda jiyarsu L ce da waɗanda jiyarsu T ce, a duba ko yawan tafiya G ya bambanta. Idan bambancin babba ne, sai a ƙara da'ira, misali a raba T zuwa sabuwar tangarɗa da tsohuwa.

Abin da amsar take sayo wa mai ita

Lambobi ukun nan ba ƙarshen magana ba ne. Tunda kwata na ranaku injin yana T, kuma 0.2 daga cikinsu ne ke kai shi G, sabon tsayawa yana aukuwa da yiwuwa 0.05 a rana, wato kimanin sau ɗaya a kwana 20. Duk lokacin da ya shiga G kuma, matsakaicin zamansa 1 a raba da 0.4 ne, kwana biyu da rabi. Biyu da rabi cikin 20 shi ne 0.125, daidai da abin da muka samu.

Yanzu ana iya auna shawara. A ce mai injin yana da zaɓi biyu. Na farko, ya sami bakanike mai sauri ninki biyu, kibiyar G zuwa L ta tashi daga 0.4 zuwa 0.8. Idan aka sake lissafin, πL zai koma biyu bisa uku, kimanin 0.667. Na biyu, ya riƙa duba mai da bel kowace safiya, har kibiyar L zuwa T ta sauka daga 0.2 zuwa 0.1. A nan πT zai zama 0.2πL, πG kuma 0.1πL, jimla 1.3πL, don haka πL ya kai kimanin 0.769. A cikin kwana 100, zaɓin farko ya ƙara masa kimanin kwana 4 na cikakken aiki, na biyu kuwa kimanin 14. Da waɗannan lambobi, kuɗin da zai kashe ya fi amfani a wajen kulawar safiya. Da wasu lambobin hukuncin na iya juyawa, shi ya sa duk wanda zai dogara da irin wannan lissafi ya kamata ya fara da rubuta halin injinsa kullum a littafi, ya ciro lambobinsa daga abin da ya gani, sannan ya zana kibiyoyinsa.